Wayar HDMI

Wayar HDMI waya ce da ke ɗaukar hoto da sauti a tare daga wata na'ura, kamar dikoda ko kwamfuta ko na'urar gem, zuwa talabijin ko majigi. Sunan taƙaitawa ne na High-Definition Multimedia Interface, wato tsarin da kamfanoni 7 suka haɗu suka fitar a watan Disamba na shekarar 2002. Kamfanonin su ne Hitachi, Panasonic, Philips, Silicon Image, Sony, Thomson da Toshiba. Kafin zuwanta, wayar da aka saba da ita a gidajen Najeriya ita ce mai kawuna uku, ruwan ɗorawa da ja da fari, wadda ake kira AV, kuma har yanzu ana amfani da ita a gidaje da yawa.

Da Hausa kalmar "waya" tana nufin igiyar lantarki, tana kuma nufin tarho. Shi ya sa wasu masu sayar da kayan lantarki ke cewa "kebul" don guje wa ruɗani. A wannan maƙala "waya" na nufin igiyar, "kai" na nufin ƙarshenta da ake jonawa, "rami" kuma shi ne wurin da ake jona ta a jikin na'ura. Inda ake nufin tarho za a ce salula.

Lambobin da ake gani a kwalin waya, irin su 1.4 da 2.0 da 2.1, lambobin sigar tsarin ne, kuma abin da suke bayani a kai shi ne iyawar na'urorin da ke ƙarshen waya biyu. Ita wayar ba ta da siga. Abin da take da shi shi ne iyakar yawan bayanan da za ta iya wucewa da su lafiya a tsawon da aka yi ta. Rashin rarrabe waɗannan abubuwa biyu ne ke sa mutane kashe kuɗi a kan waya mai tsada alhali matsalarsu tana wani wuri dabam.

Yadda take aiki

A cikin kan wayar akwai ƙananan haƙora 19. Mafi yawansu na ɗaukar hoto ne: akwai tagwayen zare guda uku da ke ɗaukar bayanan launi, da tagwaye na huɗu da ke daidaita lokaci. Sauran haƙoran na ƙananan ayyuka ne, amma su ne ke yawan jawo matsala. Ɗaya na ɗauke da wuta mai ƙarfin bolt 5, wani na sanar da dikoda cewa an jona talabijin, wasu biyu kuma su ne hanyar da na'urorin ke gaisawa da juna.

Gaisuwar tana da muhimmanci. Da zarar an jona waya, talabijin na aika wa dikoda jerin abubuwan da zai iya nunawa, wanda ake kira EDID. Dikoda sai ta zaɓi wanda su biyun suka iya. Bayan haka sai su yi musayar makullin HDCP, tsarin da masu fina-finai da tashoshi ke amfani da shi don hana kwafe shirye-shiryensu. Idan ɗaya daga cikin waɗannan bai kammalu ba, allo zai tsaya baƙi ko da wayar ba ta da wani lahani a wajen ɗaukar hoto.

Hoton da ke bi ta wayar na dijital ne, wato jerin lambobi ne na sifili da ɗaya. A wayar AV ta da, idan waya ta lalace hoto na dusashewa a hankali, launi ya koɗe, a riƙa ganin inuwa. A HDMI ba haka abin yake ba. Idan lambobin sun isa daidai, hoton da ya fita daga dikoda shi ne ya isa talabijin ba ragi ba ƙari, ko wayar ta naira kaɗan ce ko ta dubbai. Idan kuwa ba su isa daidai ba, alamar a fili take: fararen ɗigo masu ƙyalli kamar taurari su riƙa bayyana a allo, ko hoto ya riƙa ɗaukewa na daƙiƙa ɗaya ko biyu yana dawowa, ko sauti ya riƙa yankewa, ko allon ya nuna "No Signal". Babu wayar HDMI da ke ƙara wa ja jā ko ta sa ciyawar filin ƙwallo ta fi kore. Ruwan zinaren da ake shafa wa kan wasu wayoyi yana hana tsatsa ne kawai.

Sigogi

Siga ta 1.0 ta 2002 tana ɗaukar gigabit 4.95 a daƙiƙa, wanda ya isa hoton 1080p, wato ɗigo 1920 a kwance da 1080 a tsaye, sau 60 a daƙiƙa. A 2006 siga ta 1.3 ta ɗaga iyakar zuwa gigabit 10.2. Siga ta 1.4 ta 2009 ba ta ƙara sauri ba, amma ita ce ta fara kawo hoton 4K, mai ɗigo 3840 da 2160, sai dai sau 30 kawai a daƙiƙa. Ta kuma kawo ARC, wanda ke ba talabijin damar mayar da sauti zuwa sifika ta wayar da aka jona.

A watan Satumba na 2013 aka fitar da 2.0 mai gigabit 18, wadda ta iya 4K sau 60 a daƙiƙa. A 2015 aka ƙara mata HDR, tsarin da ke faɗaɗa tazara tsakanin wuri mai haske da mai duhu a cikin hoto. Siga ta 2.1 ta zo a watan Nuwamba na 2017 da gigabit 48, wanda ya ba da damar 4K sau 120 da 8K sau 60, tare da eARC da wasu abubuwa na masu gem. A 2025 aka fitar da 2.2 mai gigabit 96.

Duk sigogin suna aiki da juna, kuma kan wayar bai canja ba. Dikodar 2010 za ta yi aiki da talabijin na bana, sai dai za su tsaya ne a matakin da mai rauni a cikinsu ya iya.

Akwai wani tarko a lambar 2.1. A ƙarshen 2021 ya fito fili cewa hukumar da ke ba da lasisin HDMI ta daina tantance na'urori da sunan 2.0, ta shigar da ita cikin 2.1, kuma sababbin abubuwan da 2.1 ta kawo ba dole ba ne a ce na'ura tana da su. Ma'ana, talabijin na iya ɗaukar rubutun "HDMI 2.1" bisa ƙa'ida alhali raminsa bai wuce gigabit 18 ba. Don haka lambar ita kaɗai ba ta gamsarwa. Abin dubawa a takardar talabijin shi ne abin da aka ambata da suna, kamar "4K 120Hz" ko "eARC" ko "VRR".

Rukunan waya

Ƙa'idojin masu tsarin sun hana a sayar da waya da lambar siga. Sunayen da aka amince da su na rukuni ne, kuma ana buga su a kwali, wani lokaci har a jikin robar wayar.

Mafi ƙanƙanta shi ne "Standard HDMI Cable", wanda aka gwada a kan 720p da 1080i kawai, kuma ya yi ƙaranci a kasuwa yanzu. Sai "High Speed HDMI Cable" mai gigabit 10.2, wanda ya ishi 1080p da 4K sau 30. Sai "Premium High Speed HDMI Cable" mai gigabit 18, na 4K sau 60 da HDR. Sai "Ultra High Speed HDMI Cable" mai gigabit 48. Na baya-bayan nan shi ne "Ultra96".

Rukunan Premium da Ultra suna zuwa da wata takardar shaida a manne a kwali, mai ɗauke da lambar QR da tambari mai ƙyalli, kuma akwai manhajar salula mai suna HDMI Cable Certification da ake duba ta da ita. Wayar da aka rubuta wa "8K" ko "Ver 2.1" da manyan baƙaƙe a leda, ba tare da wannan takarda ba, ba ta bi ta gwajin ba. Wannan ba ya nufin ba za ta yi aiki ba. Gajerun wayoyi marasa shaida da yawa suna ɗaukar 1080p har da 4K lafiya lau. Abin da yake nufi shi ne rubutun nan ba hujja ba ne, kuma bai kamata a biya ƙarin kuɗi saboda shi ba.

Lissafin abin da hoto ke buƙata

Ana iya sanin rukunin da ake buƙata da lissafi mai sauƙi. Kowane hoto yana da ɗigon da ake gani da kuma wasu na gefe da ba a gani, waɗanda a cikinsu ake cusa sauti da sauran bayanai. Ana ninka jimillar ɗigon da yawan hotuna a daƙiƙa, sannan a ninka da 30, domin kowane ɗigo na da launi uku, kuma kowane launi mai bit 8 ana aika shi da bit 10 a kan waya.

```
1080i50:  2640 × 1125 × 25 × 30 = 2.23 Gbps
1080p50:  2640 × 1125 × 50 × 30 = 4.46 Gbps
4K60:     4400 × 2250 × 60 × 30 = 17.82 Gbps
```

Layi na farko shi ne ya fi shafar masu kallo a Najeriya. Talabijin a ƙasar yana bin tsarin 50 ne, daidai da wutar lantarkinta, kuma tashoshin tauraron ɗan'adam masu tambarin HD galibi suna watsa 1080i ne. Harafin i na nufin ana aika rabin layukan hoto sau 50 a daƙiƙa, wanda ya yi daidai da cikakken hoto 25. Gigabit 2.23 bai kai kashi ɗaya cikin huɗu na abin da wayar High Speed ke ɗauka ba, kuma bai kai kashi 5 cikin 100 na wayar Ultra ba. Tashoshin da ba HD ba kuwa 576i suke, ɗigo 720 da 576 kacal.

Layi na uku ya nuna dalilin da ya sa 4K ke tona asirin waya: 17.82 ya kusa cika 18. Idan aka ƙara HDR, wanda ke buƙatar bit 10 a kowane launi, lissafin zai haura 22, ya wuce iyakar 2.0. Na'urori na magance wannan da rage bayanan launi kaɗan, abin da ake gani a menu da 4:2:2 ko 4:2:0. A fim ko ƙwallo ido ba ya gane bambancin. Inda yake bayyana shi ne a ƙananan rubutu masu launi idan an mayar da talabijin allon kwamfuta.

Tsawo da kauri

Tsarin HDMI bai kafa iyakar tsawo ba. Ya dai ce dole saƙo ya isa da ƙarfin da ake buƙata. Zaren jan ƙarfe yana rage ƙarfin saƙo gwargwadon tsawonsa, kuma yawan saurin saƙon yana ƙara wannan asara. Shi ya sa waya guda za ta iya ɗaukar 1080i a mita 15 amma ta kasa 4K a wannan tsawon.

A aikace, ƙasa da mita 3 kusan kowace waya mai lafiya na yin aiki. Daga mita 5 zuwa 10 kaurin zare ya fara zama abin dubawa. Ana rubuta shi da lambar AWG, kuma ƙaramar lamba ita ce mai kauri: gajerun wayoyi kan zo da 28 ko 30, dogaye masu kyau da 24 ko 26. Kaurin robar waje ba ya nuna kaurin zaren ciki, domin akwai wayoyi masu ƙiba da saƙar zare a baya amma cikinsu siriri ne. Wayar gigabit 48 ta jan ƙarfe zalla da wuya ta wuce mita 5.

Idan tazara ta wuce mita 15, hanyoyi biyu ne aka fi bi. Ta farko ita ce waya mai zaren gilashi, wadda ke mayar da saƙo haske, tana iya kai mita da yawa ba asara. Irin wannan tana da gaba da baya: kai ɗaya an rubuta masa "Source", na dikoda, ɗayan "Display", na talabijin, kuma idan aka juya ta ba za ta nuna komai ba. Ba ta son a lanƙwasa ta sosai. Ta biyu ita ce ƙananan akwatuna biyu da ake haɗawa da wayar intanet ta Cat6, waɗanda suka fi sauƙin gyara, tunda idan ɓera ya ci wayar ana iya sayen wata a yanka.

Ramuka

Kawunan HDMI da ake yawan gani iri uku ne. Babban, Type A, mai faɗin kusan milimita 14, shi ne na talabijin da dikoda da yawancin kwamfutoci. Matsakaicin, Mini, yana zuwa a kyamarorin bidiyo, irin waɗanda masu ɗaukar biki ke jonawa da allo. Ƙaramin, Micro, yana wasu kyamarori da ƙananan kwamfutoci. Dukkansu haƙora 19 ne, don haka waya mai babban kai a gefe ɗaya da ƙarami a ɗayan ba ta rage komai.

Ramukan da ke bayan talabijin guda ba lallai ne su zama iri ɗaya ba, kuma a nan ne ake yawan yin asara ba a sani ba. A talabijin mai ramuka uku ko huɗu, sau da yawa ɗaya ko biyu ne kawai ke da cikakken sauri. Ƙaramin rubutun da ke gefen kowane rami shi ke faɗa: "4K@60Hz", "4K@120Hz", "ARC" ko "eARC". Ramin ARC guda ɗaya ne, kuma shi kaɗai ne zai mayar da sauti zuwa sifika. Idan aka toshe shi da dikoda, aka jona sifikar a wani, ba za a ji komai ba.

Bayan haka, talabijin da yawa masu 4K suna fitowa daga kamfani da ramukansu a kan ƙaramin sauri, don kada tsofaffin na'urori su rikice. Sai mai shi ya shiga menu ya buɗe. A LG sunan wurin "HDMI Ultra HD Deep Colour", a Samsung "Input Signal Plus" ko "HDMI UHD Color" a tsofaffi, a Sony da Hisense kuma "Enhanced format". Ana buɗe shi ne rami-rami. Wanda bai san da wannan ba zai ga na'urarsa ta ƙi ba da HDR, ya ɗora wa waya laifi.

Ramin HDMI na laftof na fitar da hoto ne kawai. Ba a jona dikoda a cikinsa a kalli ƙwallo a allon laftof.

Misali daga gidan kallo

A garuruwan kudancin Katsina irin su Kafur, Malumfashi da Funtua, wurin da aka fi ganin doguwar wayar HDMI shi ne gidan kallon ƙwallo. Ana yawan sabunta kayan kallo bayan kaka, lokacin da kuɗin masara da dawa suka shigo hannu, kuma mutumin Kafur yakan sayo su ne daga Malumfashi ko Funtua, ko ya yi saƙo daga kasuwar Sabon Gari ta Kano. Wannan nisa yana sa kuskuren saye ya yi tsada, domin mayar da waya na iya cin kuɗin mota da ya fi kuɗinta.

A ɗauki misalin rumfa mai tsawon mita 14. Dikoda tana gaba a kan tebur, sabon talabijin 4K mai inci 55 yana rataye mita 2 daga gare ta, sannan akwai tsohon mai inci 43 na 1080p a tsakiyar rumfa don mutanen baya, wanda wayarsa za ta bi ta saman ginshiƙi ta ci mita 12. Don dikoda ɗaya ta ciyar da allo biyu, an sa akwatin rarraba hoto, wanda masu gyara ke kira sifilita. Mai gidan ya sayo siririyar waya mai mita 15 da aka rubuta wa "8K". Da aka kunna sai abubuwa biyu suka bayyana. Hoton babban talabijin ya fito dishi-dishi, lambar bayan 'yan wasa ba ta karantuwa. Na baya kuma yana ɗaukewa jefi-jefi, da fararen ɗigo a wurare masu duhu. A ranar babban wasa, hoton da ya ɗauke a lokacin bugun fanareti ya isa ya sa 'yan kallo su koma rumfar maƙwabci a mako mai zuwa.

Matsalolin biyu asalinsu daban ne. Dishi-dishi ba alamar waya ba ce, don haka binciken na farawa ne daga tushe. Maɓallin "Info" na rimot ɗin talabijin yana nuna abin da ke shigowa. Idan ya nuna 576i ko 576p, dikodar ce aka bari a ƙaramin mataki, sai a shiga menu ɗinta a mayar da ita 1080i. Idan ya nuna 1080 amma hoton bai gyaru ba, sai a duba tashar, domin tasha ɗaya kan zo da kwafi biyu, na HD da wanda ba HD ba, kuma dikoda na iya hura ƙaramin hoto ta aika shi da sunan 1080. Ɗigo 720 da 576 da aka shimfiɗa a allo mai 3840 da 2160 na nufin kowane ɗigo na asali ya bazu a kan ɗigo 20 na allo. Babu wayar da za ta gyara wannan. Hasali ma girman allon ne ke ƙara fito da aibin.

Fararen ɗigo da ɗaukewar hoto kuwa alamar hanya ce. Matakin farko shi ne a ɗauko talabijin na baya a kawo shi kusa, a jona shi da sifilita da gajeriyar wayar da ta zo da dikoda. Idan ya zauna lafiya, talabijin da sifilita sun fita daga zargi, saura doguwar waya. Kafin a jefar da ita, akwai gwaji ɗaya da ba ya cin ko kwabo. Idan dikodar tana kan 1080p, a mayar da ita 1080i. Kamar yadda lissafin sama ya nuna, wannan ya raba nauyin da ke kan waya gida biyu, daga 4.46 zuwa 2.23, kuma ba a rasa komai ba, tunda dama 1080i tashar ke aikowa. Aikin haɗa rabin layukan ne kawai ya koma hannun talabijin. Wayoyi da yawa da ke tangal-tangal a 1080p suna tsayawa daram a 1080i. Saukowa zuwa 720p ba ya ƙara sauƙi a kan haka, domin saurinsa a kan waya daidai yake da na 1080i.

Idan har yanzu ɗigon suna nan, abin saye shi ne wayar High Speed mai AWG 24 ko 26, mai tsawon da ya yi daidai da buƙata. Rarar mita 3 da aka naɗe a bayan talabijin ƙarin asara ce kawai. Wata dabarar ita ce a matsar da dikoda da sifilita zuwa tsakiyar tazarar, kowane talabijin ya samu waya mai mita 7, maimakon ɗaya 2 ɗaya 12. Wayar dish mai zagaye da ke shiga dikoda ta fi jure tsawo nesa ba kusa ba, don haka ita ya kamata a ƙara wa tsawo.

Sifilita ita ma tana da nata hali. Hoto ɗaya take kwafewa zuwa duk allunan, don haka yawancinsu suna bin mai rauni: muddin tsohon talabijin na jone, sabon ba zai samu abin da ya wuce 1080 ba. A gidan kallo wannan ba asara ba ce, tunda tushen bai wuce haka ba. Wadda take da nata abin jona wuta ta fi wadda ke dogaro da bolt 5 na dikoda. Idan kuma bayan an canja daga wutar gari zuwa janareta allo ɗaya ya tsaya baƙi, galibi gaisuwar HDCP ce ta katse. Ana kashe komai, a fara kunna talabijin, sannan sifilita, dikoda a ƙarshe.

Lissafin yana canjawa idan mai gidan ya buɗe ɓangaren gem. PlayStation 4 ta asali 1080p take fitarwa, wayar High Speed ta ishe ta. PlayStation 5, wadda ta fito a Nuwamba 2020, tana iya 4K sau 120, kuma tana zuwa da wayarta ta Ultra High Speed a kwali. Amma idan talabijin ɗin sau 60 yake, kamar yadda yawancin masu sauƙin kuɗi suke, abin da zai wuce ba zai haura gigabit 18 ba, kuma wayar Premium ta wadatar.

Lalacewar rami

A yankunan da ake yawan amfani da janareta da sola, rami na lalacewa fiye da waya, kuma gyaransa ya fi tsada domin yana manne ne da babban allon cikin talabijin. Gidaje da rumfuna da yawa ba su da wayar ƙasa. Idan dikoda da talabijin suna kan layin wuta daban-daban, misali ɗaya a inbata ɗaya a janareta, ana iya samun bambancin wuta tsakanin jikinsu, kuma lokacin jona HDMI wannan wutar ta cikin wayar take bi. Ɗan tartsatsin da ake gani ko girgizar da ake ji a yatsa idan an taɓa kan waya alamar haka ce. Kariyar ita ce a haɗa na'urorin a soket ɗaya, kuma a kashe su daga bango kafin cirewa ko jonawa.

Da damina, tsawa da ta faɗo kusa tana iya bi ta wayar dish ta shiga dikoda, ta wuce ta HDMI ta ƙona ramin talabijin. Cire filogi kaɗai bai isa ba idan wayar dish na jone. Da hunturu kuma ƙura ce ke cika ramukan da ba a amfani da su, ana iya rufe su da ɗan salatif. Doguwar waya mai kauri tana da nauyi, idan aka bar ta tana reto za ta riƙa jan ramin har dalmarsa ta saki, don haka ana ɗaure ta a bango ko ginshiƙi kusa da talabijin. Ana gane ramin da ya mutu ne idan waya da dikoda sun yi aiki a HDMI 2 amma sun ƙi a HDMI 1.

Haɗawa da wasu na'urori

Tsohon talabijin mai AV kaɗai, ko majigi mai ramin VGA irin na makarantu, ba ya karɓar HDMI da waya zalla, domin ɗaya dijital ne ɗaya analog. Sai da ƙaramin akwatin juya saƙo, kuma shi ma hanya ɗaya yake bi: na HDMI zuwa VGA ba zai yi VGA zuwa HDMI ba. VGA ba ya ɗaukar sauti, don haka sai an nemi akwatin da ke da ramin sifika. Wanda ke juyawa zuwa AV kuma yana sauke hoton zuwa matakin 576, komai kyawun tushensa.

Wayar da ke da USB-C a gefe ɗaya da HDMI a ɗayan tana aiki ne kawai idan ramin salular ko laftof ɗin yana fitar da hoto, abin da ake rubutawa "DisplayPort Alt Mode" a bayanin na'urar. Salula masu sauƙin kuɗi da yawa suna da ramin USB-C na caji da tura fayil kawai, kuma a kansu irin wannan waya ba za ta nuna komai a talabijin ba.